Wa ke biyan kuɗin santsin allo?

Duk wanda ya taɓa haɗa manhajar Android mai jerin hotuna ya san shawarar da ake bayarwa: ka sa Glide ko Coil, ka bar musu sauran aiki. Ban musa amfaninsu ba. Abin da nake ja da shi shi ne a ce aiki ya ƙare a nan, alhali akwai lissafin da ake turawa kan mai waya ba da saninsa ba.

A ɗauka an yi wa masu atamfa da shadda na Kasuwar Wunti manhaja. Ɗan kasuwa ya ɗauki hoton turmi, fiksel 4000 a 3000, nauyinsa kamar megabait 3, ya ɗora shi yadda yake. Wata mai saye a Fadaman Mada ta buɗe a Tecno mai ram na gigabait 2, da yamma, lokacin da sabis ya ja baya zuwa megabit ɗaya a daƙiƙa. Hoton nan guda sai ya ci daƙiƙa 24 kafin ya sauko. In aka buɗe shi da cikakken girmansa, kowane fiksel na cin bait 4, wato megabait 48 a ram. Allon kuwa yana sabunta kansa sau 60 a daƙiƙa, don haka aikin da ya tsare shi fiye da milisakan 16 ido zai gan shi a matsayin tsinkewa.

Glide na maganin rabin wannan. Yana buɗe hoton a bayan fage, ya rage shi daidai gurbinsa. In gurbin 360 a 270 ne, bai kai rabin megabait ba a ram. Allo ya yi santsi, mai manhaja ya yi murna. Amma ragewar a cikin waya ake yinta, bayan megabait 3 ɗin nan sun riga sun fita daga datar baiwar Allah. `override(360, 270)` ba ya rage ko bait ɗaya na abin da aka sauko.

Daga nan sai a ƙara `RecyclerViewPreloader` don ya riƙa sauko da hotunan gaba tun ba a iso su ba. Hoto goma a gaba megabait 30 ke nan, kuma mai yiwuwa ta rufe manhajar a hoto na uku. Ga shi a sabis mai rauni waɗancan goman suna rabon hanya da wanda take jira ta gani. Tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce ga mai sayen data ta kwana ɗaya.

Ajiyar cikin waya ma tana da nata kuɗin. Glide na ware megabait 250 in ba a canza ba, kuma hoton da ya fito daga intanet asalinsa yake ajiyewa. Da hotunan Wunti, tamanin da 'yan kai sun cika wurin, sai a fara zubar da na baya. Wayar da ta cika da bidiyon WhatsApp kuwa, Android kansa na iya share ajiyar, ko mai ita ta danna manhajar shara, gobe a sake saukowa daga farko. Akwai kuma tarkon adireshi, domin da shi Glide ke gane hoto. In adireshin na ɗauke da lambar izini mai canzawa, kullum baƙo yake gani. In kuma ɗan kasuwa ya sauya hoto adireshi bai sauya ba, tsohon turmin da aka sayar shi za a ci gaba da nunawa, har sai an sa `signature()` mai lambar sabuntawa.

Gyaran da na yarda da shi a wurin ɗorawa yake. Saba ta yanka ƙaramin kwafi na WebP, kamar kilobait 30, don jeri, a bar babban sai an taɓa hoton. A sabis ɗin nan dai bai kai rabin daƙiƙa ba. Wannan ma ba kyauta ba ne: akwai kuɗin saba da wurin ajiye kwafi biyu, kuma matsewa in ta yi yawa tana cinye zanen shadda, wanda shi ake saye. Sai dai kuɗin ya koma kan mai manhaja, inda ya dace. Saukowar gaba kuma a tsayar da ita a hoto biyu duk lokacin da `isActiveNetworkMetered()` ya nuna data ake ƙonawa.

Gwajin ba a Wi-Fi na ofis ake yinsa ba. A sa layi a ƙaramar waya, a ja jerin ƙasa, a dawo sama, a duba ma'aunin data na manhajar. In ya motsa a dawowar, ajiyar ba ta aiki.