Lissafin Asusu: Mu Ware Cinikinmu Gari-Gari, Wata-Wata

Yawancinmu a nan Tama muna kai gabu, ƙuli-ƙuli da man gujiya kasuwannin Madawa, Buza da Keita, kuma kowane ciniki yana shiga kaye. Amma idan ranar taro aka ce, "Nawa muka sayar a Keita cikin Fabrairu?" sai sakatariya ta shiga juya shafi har shayi ya huce. Ƙungiyar da take da kwamfuta, ko ta aro ce, tana iya samun amsar nan da nan. A cikin Excel na Faransanci da muka saba gani, sunan abin `Tableau croisé dynamique`. Mu dai mu kira shi teburin tattara lissafi.

Aikin yana farawa ne daga yadda muka kwafe kaye. A layin farko mu rubuta kanu huɗu: Rana, Gari, Kaya, Kuɗi. Daga nan kowane ciniki ya samu layinsa shi kaɗai, kada a bar layi fayau a tsakani, kada kuma a sa jimilla a ƙasa. Rana a rubuta ta da lamba, kamar 14/02/2025. Kuɗi kuwa lamba zalla, a kan faran: jika goma sha biyar ita ce 15000. A kula da wannan sosai, don mu da dala muke ƙirga. Wadda ta ji "dala ɗari" ta rubuta 100, ta zubar da 400, domin dala ɗari 500 ce.

Idan an gama, a taɓa gida ɗaya cikin lissafin, a je `Insertion`, a zaɓi `Tableau croisé dynamique`, a danna `OK`. Sabon shafi zai buɗe, kanun nan huɗu suna gefen dama. A jawo Gari zuwa `Lignes`, Rana zuwa `Colonnes`, Kuɗi zuwa `Valeurs`. In ranakun ba su haɗu wata-wata da kansu ba, a danna wata rana da maɓallin dama, a zaɓi `Grouper`, sannan `Mois`. Lissafin da ya haura shekara a haɗa masa da `Années`, in ba haka ba Janairun bana da na bara za su zuba a tukunya ɗaya.

Mu ɗauki misali, a ce ga abin da ya fito na Janairu, Fabrairu da Maris:

Buza: 40000, 50000, 30000, jimilla 120000
Keita: 25000, 20000, 15000, jimilla 60000
Madawa: 60000, 45000, 75000, jimilla 180000

Jimillar watannin ita ce 125000, 115000 da 120000, gaba ɗaya 360000. Wadda ta dubi wannan kaɗai za ta ce ai ciniki yana nan yadda yake. Teburin kuwa ya nuna rabin kuɗin daga Madawa yake fitowa, Keita kuma kowane wata tana raguwa da jika biyar. In muka danna 15000 ɗin nan ta Keita sau biyu, wani shafi zai fito da duk cinikin da ya haɗa ta. A nan za mu gane ko kaya ne ba su fita, ko mu ne muka rage zuwa.

To, ta yaya za mu san tebur ya yi mana ƙarya? Idan gari ɗaya ya fito sau biyu, wata ta rubuta Madawa, wata Madaoua. Kwamfuta tana ɗaukarsu gari biyu, don haka mu tsaya kan rubutu ɗaya. Idan muka ga ƙananan lambobi kamar 7 ko 12, mu dubi kan teburin: `Nombre de Kuɗi` yana ƙirga layuka ne, mu kuwa `Somme de Kuɗi` muke so. Galibi wani gida aka sa wa harafi, kamar "15000 F". A gyara gidan, sannan a zaɓi `Somme` cikin `Paramètres des champs de valeurs`. Haka nan, bayan kowace gyara a danna teburin da maɓallin dama a zaɓi `Actualiser`, don ba ya sabunta kansa. Sabon ciniki da aka ƙara a ƙasan lissafi kuma sai an faɗaɗa masa wuri ta `Changer la source de données`.

Kafin mu karanta wa taro, mu gwada `Total général` da jimillar kaye. In sun saɓa, ba a yanke shawara sai an gano inda kuɗin ya maƙale. Mu kuma tuna ciniki ne ya nuna mana, kuɗin mota da na sarin kaya ba su ciki. Saboda haka kada mu yi saurin barin Keita ko mu kwashe kaya duka zuwa Madawa kafin ma'ajiya ta cire abin da kowace tafiya ta ci.

Allah ya sa albarka a asusunmu. Sai fitowa ta gaba.