Zauren Iyali: Yadda Ake Neman Ganawa da Banki a Kan Asusun Mamaci

A fitowar yau za mu duba wata 'yar gajeruwar wasiƙa wadda gidaje da yawa a Nima da Maamobi suke bukata, wato saƙon imel da magada ke aika wa banki domin a sa musu ranar ganawa a kan kuɗin da mahaifinsu ya bari a asusu.

Abin da aka saba gani shi ne, bayan an yi sadakar arba'in, sai babban ɗa ya hau mota zuwa reshen banki a Circle, ya bi layi, a ce masa jami'in da ke kula da irin wannan lamari ya fita. Ya dawo jibi, a ce takarda kaza ce babu. Da haka gwiwa ke sanyi a bar maganar, alhali kuwa a cikin kuɗin nan akwai haƙƙin marayu da na masu bin mamaci bashi. Ga shi kuma jinkirin yana da iyaka a doka. Dokar bankuna ta Gana ta shekarar 2016, mai lamba 930, ta tanadi cewa asusun da ya shekara biyu mai shi bai taɓa shi ba, za a sa shi cikin jerin asusun da suka kwanta. In ya ƙara shekara uku a haka, sai a miƙa kuɗin ga Babban Bankin Gana. Kuɗin ba su salwanta ba, ana iya nemansu, amma hanyar ta ƙara tsawo.

Manufar wasiƙar guda ɗaya ce: jami'in da ya karanta ta ya iya gano fayil ɗin mamacin, ya san ko kai wane ne a wurinsa, ya kuma faɗa maka abin da za ka zo da shi, duk kafin ka baro gida. Kowane layi da bai taimaka wa wannan manufa ba, a cire shi.

Bari mu ƙaga misali. A ce Alhaji Isa Abdullahi, ɗan kasuwa a Maamobi, ya rasu a watan Afrilu na 2022, kuma rabonsa da taɓa asusunsa tun watan Maris na wannan shekara. Ke nan asusun ya kwanta tun Maris na 2024, kuma bayan Maris na 2027 kuɗin za su kama hanyar Babban Banki. Ɗansa Sani da ƙanwarsa Hadiza su ne kotu ta ba takardar izinin kula da gado. Wannan takarda ita ce mabuɗin zancen. Mutane da yawa suna zaton wanda mamaci ya rubuta sunansa a matsayin makusancinsa ranar buɗe asusu shi ne zai kwashe kuɗin. Ba haka ba ne. Shi wannan mutum ne kawai da banki zai tuntuɓa. Wanda banki ke saurara shi ne wanda kotu ta naɗa, ko ta hanyar tabbatar da wasiyya, ko ta wannan takardar izini idan babu wasiyya.

Kafin Sani ya rubuta komai, sai ya shimfiɗa takardu uku a gabansa: wata takardar banki mai ɗauke da sunan mahaifinsa, takardar shaidar rasuwa, da takardar kotu. Abin da zai duba shi ne rubutun sunan, harafi bayan harafi. A nan ne mu mutanen zango muka fi samun cikas. Sunan da muke kira Isa Abdullahi, akawun da ya buɗe asusun shekaru talatin da suka wuce yana iya rubuta shi Issah Abdulai, mai rubuta takardar rasuwa kuma ya sa Issa Abdullai. Haka Husaini ke komawa Fuseini, Sa'idu ya koma Seidu, Hadiza ta koma Adiza. A wurinmu duk mutum ɗaya ne. A wurin na'urar banki kuwa mutum uku ne, kuma jami'in da ya nemi sunan da ka rubuta bai gan shi ba, zai ajiye saƙonka a gefe. Saboda haka a rubuta sunan daidai yadda yake a littafin banki, ko da a idonka kuskure ne. In akwai saɓani da sauran takardun, a faɗe shi ƙarara a cikin wasiƙar, a tambayi abin da bankin ke karɓa domin warware shi. Galibi takardar rantsuwa ce da ake yi a gaban mai rantsarwa, mai shaida cewa sunayen duk na mutum ɗaya ne. Gara ka ji wannan tun kana gida da ka ji shi a bakin kanta.

Da yake harshen ofis a Gana Ingilishi ne, ga yadda kan saƙon da jerin bayanan shaida za su fito a allo. Sunaye da lambobin duk na misali ne:

```
Subject: Appointment request - Estate of Issah Abdulai (deceased) - A/C ending 4417

Account name: Issah Abdulai
Account number: ending 4417 (savings), Circle branch
Date of death: 14 April 2022
Letters of Administration: granted 20 January 2026
Administrators: Mohammed Sani Issah, Adiza Issah
```

A lura da layin farko. Jami'in da ke buɗe akwatin saƙo yana ganin kan saƙo ne kawai kafin ya yanke shawarar wanda zai buɗe da wanda zai tura wa wani sashe. Kan saƙon da ya ce gaisuwa, ko neman taimako cikin gaggawa, bai gaya masa komai ba. Wannan kuwa ya faɗi bukata, ya faɗi sunan mai asusu, ya nuna cewa ya rasu, ya ba da wutsiyar lamba. Lambobi huɗu na ƙarshe tare da suna da reshe sun isa a gano asusu, cikakkiyar lambar kuma a bari sai an haɗu. A ƙara da lambar shari'a da ke jikin takardar kotu da sunan kotun, da lambar da ke kan takardar rasuwa, kowace a layinta.

Jikin wasiƙar kuwa kada ya wuce sakin layi uku. Ga ma'anarsa da Hausa, sai a juya shi:

«Zuwa ga Manajan Reshe. Ni ne Mohammed Sani Issah, ɗan marigayin da aka ambata a sama, kuma ɗaya daga cikin mutum biyu da kotu ta naɗa su kula da gadonsa. Ina neman a sa mana rana mu gana da jami'in da ke kula da asusun mamata, domin mu gabatar da takardunmu.

«Mu biyun za mu iya zuwa ranar Talata 10 ga Maris ko Laraba 11 ga Maris, daga ƙarfe tara zuwa sha biyu na rana. In waɗannan ba su dace ba, muna roƙon a zaɓa mana wata rana. Muna kuma roƙon a sanar da mu takardun da za mu zo da su, da sunan wanda za mu nema.

«Muna sanar da ku cewa sunan marigayin a takardar rasuwa Issa Abdullai ne, saɓanin yadda yake a asusu. Muna son sanin abin da kuke bukata a kan haka.»

Daga nan sai rufewa da cikakken suna yadda yake a Katin Gana, da lambar waya. Tun 1 ga Yuli 2022 wannan kati ne bankuna ke karɓa a matsayin shaida ga ɗan ƙasa, don haka kowane mai kula da gado ya zo da nasa na asali.

Akwai hikima a ba da rana biyu. Wanda ya ce a sa masa duk ranar da ta dace ya ɗora wa jami'i aikin tunani, wanda kuwa ya ba da zaɓi ya bar masa amsa mai kalma ɗaya. A rubuta sunan wata da haruffa don gudun ruɗani, a kuma kauce wa Juma'a da rana saboda masallaci. Sa'annan a tabbata duk waɗanda sunansu ke takardar kotu za su samu zuwa, domin bankuna sukan nemi ganinsu gaba ɗaya. In Hadiza tana aure a Kumasi, a yi shawara da ita kafin a ambaci rana.

Wasu abubuwa kuma ba su da wuri a cikin wasiƙar. Kada a tambayi nawa ne a asusun. Doka ta ɗora wa banki sirrin abokin hulɗa, ba zai faɗa wa wanda bai gani ba, kuma tambayar tana iya sa a yi maka kallon tuhuma. Kada a rubuta lambar sirri ta katin cire kuɗi ko wadda ake turowa ta waya, bankin gaskiya ba ya nemansu. Labarin jinya da rikicin gida su ma a bar su a gida. Mun san al'adarmu ta doguwar gaisuwa, amma a wannan wuri gajarta ita ce ladabi.

Adireshin da za a aika wa, a karɓe shi daga reshen ko daga shafin bankin kansa, kuma a duba cewa bayan alamar @ sunan bankin ne. Wanda ya ƙare da gmail.com ko yahoo.com abin guje wa ne. In a shagon buga takardu za a rubuta maka, ka nace a aika daga naka adireshin. Idan aka aika daga na mai shago, amsar can za ta tafi, kai kuwa kana gida kana cewa banki ya yi shiru. A haɗa kwafin takardar rasuwa da ta kotu masu fitowa sarai, a sa mai shago ya goge su daga na'urarsa a gabanka.

Bayan aikawa, wasu bankuna sukan turo amsa nan take mai ɗauke da lambar saƙo. A rubuta ta a ajiye, da ita za a bi sawu. In saƙon ya dawo da sanarwar bai isa ba, galibi adireshin ne ke da kuskure. In mako guda ya wuce shiru, a duba akwatin `Spam` tukuna, sa'annan a sake tuntuɓa ta hanyar danna `Reply` a kan saƙon farko, domin tarihin maganar ya zauna wuri ɗaya. In har yanzu shiru, a buga saƙon kwafi biyu a kai reshe, a miƙa ɗaya, a sa su buga hatimi da kwanan wata a kan ɗayan. Wannan kwafin shi ne hujjarka idan ta kai ga shigar da koke, a bankin da farko, daga baya a Babban Banki.

Ranar ganawa a tafi da takardun asali da kwafinsu, da bugun amsar da banki ya aiko. Idan kuma kuɗin suka fito, a tuna cewa waɗanda kotu ta naɗa 'yan amana ne kawai: a fara da bashi, a fitar da wasiyya, sa'annan a kira malamai su raba.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon sauke amana. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Wassalamu alaikum.