Gemu ba ya fitowa daidai, a daina tilasta masa da aska

Duk wanda ya zauna shagon aski a Sabon Birni ko Isa ana jajibirin Sallah ya san wannan rigimar. Saurayi ya dubi madubi ya ce wa mai aski, "Malam, gefen dama ya fi na hagu cika, a daidaita." Mai aski ya rage dama, sai hagu ta zama ita ce mai yawa, ya koma ya rage ta. Kafin a ankara layin saje ya sauko har kan muƙamuƙi, gemun da aka yi wata uku ana reno ya koma kamar zare. Ra'ayinmu shi ne gemun ba shi da laifi. Kuskuren yana wajen neman tsayi ɗaya a fuskar da ba a halicce ta da gashi iri ɗaya ba.

Adadin saiwoyin gashi da ke fuskar mutum an ƙayyade shi tun yana cikin mahaifiyarsa. Idan ya balaga, sinadarin maza, wato testosteron, shi ke tayar da saiwoyin su sauya siririn gashin yarinta zuwa mai kauri. Sai dai ba lokaci ɗaya suke amsawa ba. Gashin baki da na haɓa su kan riga, na kumatu ya biyo baya a hankali, wani sai ya doshi shekara 30 kafin nasa ya gama cika. Yadda saiwoyin ke jin sinadarin kuwa gado ne, shi ya sa za ka ga lafiyayyen magidanci mai 'ya'ya goma ba shi da komai sai 'yan tsiraru a haɓa. Ga kuma wani abu: kowace saiwa tana da lokacin aiki da lokacin hutu, don haka a kowace rana wasu gasu na tsiro, wasu na shirin zubewa.

A ƙasar Gobir akwai ƙarin dalili da ba za ka gani a bidiyon masu askin ƙasashen waje ba, wato tsaga. Askar Gobirawa, wadda Yarbawa abokan wasansu ba sa gajiya da tsokana a kai, tana bi ne ta kumatu daga gefen baki zuwa wajen kunne, daidai inda saje ke fitowa. Inda wanzami ya yanka ya zurfafa, tabon da ya maye gurbin fatar ba ya fitar da gashi har abada. Saboda haka Bagobiri mai tsaga, ko a Sabon Birni yake ko a Tsibiri ta Maraɗi, zai ga sajensa ya fito layi-layi. Babu man da zai sauya hakan. Man gemun da ake tallatawa a waya yana tausasa gashi ya hana fata bushewa, wanda ba ƙaramin amfani ba ne lokacin hunturu, amma ba ya dasa saiwa inda babu. Haka ma maganar a yawaita aski don gemu ya yi kauri: tun 1928 wata masaniya Ba'amurkiya, Mildred Trotter, ta auna ta gano aski ba ya ƙara kaurin gashi ko saurin fitarsa. Bakin gashin da aska ta datse ne kawai ke yin kaushi.

To me ya rage? Haƙuri da lura. Gemu na ƙaruwa da kusan santimita 1 a wata, kuma namu da yake murɗaɗɗe ne, tsayin ba ya nunawa da wuri. Wanda ya yanke hukunci a mako na biyu ya yi gaggawa. A bar shi mako huɗu zuwa shida, sannan a shafa da tafin hannu a gano inda gashin ya kwanta. Inda hannu ya wuce sumul, nan ya nufa. Inda ya ji turjiya, an saɓa masa. Yawanci na kumatu ƙasa yake kallo, na haɓa ya yi ƙasa ko ya ɗan turo gaba, na wuya kuwa shi ne ɗan rigima, wani ya yi gefe, wani ya juyo sama, wani ya yi ƙawanya. Sau da yawa gefen da ake zaton ya fi cika bai fi yawan gashi ba, nasa ne ke miƙewa waje, na ɗaya gefen kuma ya kwanta a fata.

Mu ɗauki misalin saurayi ɗan shekara 24, mai zagayayyar fuska, haɓarsa cike, kumatunsa da tsaga, gefen damansa na tashi tsaye. Idan aka bi shi da lamba ɗaya ta kilifa ko'ina, fuskar za ta ƙara faɗi, tsagar ta fito kamar kunyoyin gona. Mai askin da ya san aikinsa zai sa lamba 1, kimanin milimita 3, daga kunne zuwa tsakiyar kumatu, don a wannan tsayin bambancin wurin gashi da wurin tabo ba ya ɗaukar ido sosai. Sai ya hau lamba 2, milimita 6, a kan muƙamuƙi, ya bar haɓa ta kai santimita 2 ko 3 yana gyara ta da almakashi. Tsayin haɓar zai ja fuskar ƙasa ta daina kama da faifai. Gefen daman da ke tashi kuwa, sai ya bi shi da kilifa ta inda gashin ya kwanta, ya ɗauke kawunan da suka yi waje kaɗai, ba tare da ya taɓa layin saje ba. A wuya, ya aza yatsu biyu saman zakaran wuya ya ja iyaka nan. In ya hau sama da haka, haɓar za ta yi kamar ninki biyu.

Mai doguwar fuska akasin haka ya dace da shi: ya bar gefuna su cika, ya taƙaita haɓa. Mai faffaɗan muƙamuƙi a zagaye masa kusurwoyi. Masu tsayar da gemu don bin Sunna, ko suna kan fahimtar barinsa gaba ɗaya ko ta rage abin da ya wuce kamu ɗaya kamar yadda aka ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar, sanin kwanciyar gashi zai yi musu amfani wajen taza. Dogon gemu ma ya fi rufe gurbi, domin gashin sama na sauka kan wurin da babu.

Inda muka fi jin tsoro shi ne wuya. Idan aka ja fata aka aske murɗaɗɗen gashi ta inda bai kwanta ba, bakinsa mai kaifi kan lanƙwaso ya soki fata, ƙuraje su fito, su bar baƙin tabo, a wasu mutanen tabon ya kumbura ya hana gashi fita. Da haka mai neman daidaito ke jawo wa kansa sabon gurbi. Maganin farko shi ne a ajiye reza na wasu makonni a koma kilifa.

Akwai kuma gurbin da ba na mai aski ba ne. Idan wurin da a da yake da gashi ya zube farat ɗaya, ya bar fili zagayayye sumul kamar kwabo, galibi garkuwar jiki ce ta far wa saiwoyin, kuma sau da yawa gashin kan dawo. Idan kuwa wurin na ƙaiƙayi, yana saɓa ko ruwa, ana zargin cutar fata da ke bin kilifa da askar da ba a tsabtace ba. Duka biyun a kai su asibiti, kuma mai na biyun ya daina haɗa kayan aski da tawul da kowa har sai ya warke.