A Daina Haƙa Tafkin Dabbobi Babu Kwami

Da zafin Maris da Afrilu, babbar saniya takan sha lita 40 ko fiye a wuni. Mai shayarwa kuwa buƙatarta ta wuce haka, domin kusan kashi 87 cikin 100 na nono ruwa ne. Tunkiya da akuya lita 4 zuwa 8 ta ishe su, raƙumi kuma yakan yi mako bai sha ba, sannan ya zuƙe lita 100 a tsayuwa ɗaya. Saniya ce ba ta da wannan juriya. Makiyayi mai shanu 50 yana neman lita 2,000 kullum, wato jarka 80 mai cin lita 25. Idan ruwan ya gaza, ko ya yi wari suka ƙi sha sosai, sai su rage cin ciyawa, nono ya ja baya, maruƙa su tsumbure.

Saboda haka muna maraba da tafkunan da gwamnatoci ke haƙa wa makiyaya. Abin da ke damunmu shi ne yadda ake barin su a buɗe, dabbobi na kutsawa ciki suna sha suna kashi.

Ta nan tsutsar hanta ke samun hanya. Ƙwayayenta na fita cikin kashin dabbar da ta kamu, su ƙyanƙyashe a ruwa, su shiga jikin ƙananan dodon-koɗi da ke zaune a bakin tafki da fadama. Bayan wasu makonni sai su fito su maƙale a ciyawar gefen ruwa. Dabba ta ci, tsutsar ta ratsa hanji ta isa hanta. Cutar ba ta nuna kanta da wuri: sai bayan watanni ake ganin rama duk da ana kiwo, cikin fatar ido ya yi fari, ƙasan haɓa ya kumbura da ruwa. Mahauta sun san ta sarai, don su ke yanka hantar su tarar ta yi tauri, jami'in duba nama ya ce a zubar. Makiyayan dausayin Haɗeja da Nguru da na gaɓar Tafkin Chadi sun daɗe suna fama da ita.

Maganin tsutsa yana aiki, amma albendazole manyan tsutsotsi kawai yake kashewa, kuma saniyar da aka ba magani yau ta koma tafkin nan gobe za ta sake ɗauka.

Muna kira ga ma'aikatun kula da dabbobi na jihohi da kada su karɓi aikin tafki daga ɗan kwangila sai ya kewaye shi da shinge, ya gina kwamin siminti a tudu nesa da laka, ya sa famfon da zai riƙa tura ruwa ciki. A yi wa tumaki da awaki nasu kwamin mai gajeren baki, don shanu kan ture su. A kuma danƙa wankin kwamin a hannun arɗon yankin tun ranar buɗewa.