Filin Lafiyar Iyali: Ba Kowane Ƙarancin Jini Ke Neman Maganin Ƙarfe Ba

 

Wata 'yar'uwarmu a Gadarif, budurwa mai shekara 19, ta shafe wata shida tana shan ƙwayar ƙarin jini, wato mai sinadarin ƙarfe. Duk lokacin da aka maimaita awo sai a ce jininta yana nan kan 11.2, bai motsa ba. Mahaifiyarta ta fara zargin ko ba ta sha. Alhali yarinyar tana sha, ba ta kuma jin wani ciwo in ban da taurin ciki da maganin ya jawo mata. Ashe amsar tana cikin takardar awon tun ranar farko.

A takardar akwai layi mai suna MCV, wanda takardun Faransanci ke rubutawa VGM. Shi ke nuna girman jajayen ƙwayoyin jini, kuma ga baligi yakan kama daga 80 zuwa 100. Nata 63 ne. Ƙanƙancewar ƙwayoyi tana da manyan dalilai biyu. Ko dai jiki ya rasa ƙarfen da zai gina himogulobin, ko kuwa mutum ya gaji tawaya a wajen ginin kansa, wadda ake kira talasimiya. Wanda ya gaje ta daga ɗaya cikin iyayensa mai ɗauke da ita ne kawai, ba majinyaci ba.

Abin da ya fara raba gardama shi ne yawan ƙwayoyin, wato layin RBC. Mai ƙarancin ƙarfe ƙwayoyinsa kan yi ƙanana, su kuma yi kaɗan. Mai ɗauke da talasimiya kuwa nasa ƙanana ne amma masu yawa. Nata ya kai miliyan 5.6. Wani likitan Amirka, William Mentzer, ya kawo lissafi mai sauƙi a 1973: a raba MCV da RBC. In sakamakon ya haura 13, an fi zaton ƙarancin ƙarfe; in ya gaza 13, an fi zaton talasimiya. An raba 63 da 5.6, aka sami 11 da ɗoriya. Wannan manuniya ce kawai, ba hukunci ba.

Sai awon feritin, wanda ke nuna ƙarfen da jiki ya ajiye a rumbunsa. Ƙasa da 15 ga baligi alama ce ta rumbu ya yi kango. Nata 60 ne. Amma a nan akwai tarko, musamman a ƙasar Gadarif inda zazzaɓin cizon sauro da cutar kala'azar suka zama 'yan gida. Zazzaɓi da kumburin cikin jiki suna ɗaga feritin ko da rumbun babu komai. Saboda haka likitan ya tambaya ko ta yi rashin lafiya kwanan nan, ya kuma duba awon CRP, mai nuna kumburi. Da ya ga lafiya lau, ya amince da feritin ɗin.

Mataki na ƙarshe shi ne awon da ke rarrabe nau'o'in himogulobin. Idan HbA2 ya wuce kashi 3.5 cikin ɗari, mutum yana ɗauke da talasimiya nau'in beta. Nata 5.1 ne, magana ta ƙare. Da ya fito daidai ma, da ba a rufe babin ba, domin nau'in alfa, wanda ya yawaita a Afirka, ba ya ɗaga HbA2. Awon ƙwayoyin gado ne ke tabbatar da shi.

Likitan ya dakatar da maganin, tun da ba ya gyara abin da aka gada, kuma jiki ba shi da hanyar zubar da rarar ƙarfe. Sai dai mai ɗauke da talasimiya ma yana iya rasa ƙarfe, kamar a lokacin goyon ciki, don haka awo ne zai yanke hukunci kowane karo.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne aure. An yi wa yarinyar baiko da ɗan kawunta, kuma tsohon gwajinta na sikila ya nuna ba ta da ita, kowa ya saki jiki. Amma idan mijin AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na haihuwar ɗa mai sikila haɗe da talasimiya. Idan shi ma beta yake ɗauke da ita, yiwuwar ɗaya cikin huɗun ce ta samun ɗa mai talasimiya mai tsanani, wanda zai iya rayuwa kan ƙarin jini. A dangin da ake auren zumunci, haɗuwar irin wannan gado ta fi sauƙi.

Don haka duk wanda ya sha maganin ƙarfe wata uku bai ga canji ba, ya koma wa likita da takardarsa, ya nemi a duba MCV da RBC da feritin. Masu shirin aure kuma su nemi a auna HbA2 tare da gwajin sikila. An aika saurayin ya yi nasa kafin a sa rana.

Allah Ya ba mu lafiya da zuriya ɗayyiba. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.