Waiwaye: Ranar da Na Sauya wa Fayil Suna

A wata damina da ta wuce, ni ke riƙe da dashbod ɗin rabon taki na wata ƙungiya, wanda aka gina a Power BI. Jami'an jihohi uku ne ke duba shi, kowa ta adireshi guda da aka tura musu a WhatsApp tun farkon aiki, kuma kowa lissafin jiharsa kaɗai yake gani. Wata Alhamis aka ce in ƙara shafin buhunan da suka rage a sito. Na gyara, sannan na yi abin da na saba yi da kowace takarda: na ajiye `Taki.pbix` da sunan `Taki_sabo.pbix`, don kada tsohon ya ɓace. Na danna `Publish`, ya tafi sumul, na kama hanyar gida.

Ranar Litinin jami'in Katsina ya kira ni. "Malam, ina shafin da aka ce an ƙara? Ni dai abin da na sani jiya shi nake gani yau."

Gaskiyarsa. Adireshin da ke hannunsa ba ya ɗauke da sunan fayil ko kaɗan. In ka duba shi za ka ga bayan `/reports/` akwai wata doguwar lamba mai haɗe da haruffa, kuma a jikin wannan lambar aka rataye komai: mahaɗin da aka raba da izinin waɗanda aka ba su gani. Amma lokacin wallafawa, da suna Power BI ke gane ko tsohon abu kake son sabuntawa. In sunan fayil ya yi daidai da na wanda ke cikin wurin aikin, zai tambaye ka ko a maye gurbinsa, ka danna `Replace`, lambar ta zauna yadda take. In sunan ya bambanta ko da harafi ɗaya ne, sai ya haifar da sabon rahoto da sabon rumbun bayanai, da sabuwar lamba, babu mai izinin gani sai 'yan cikin wurin aikin. Alamar tana gabana ran Alhamis ɗin, ban kula ba: ba a tambaye ni `Replace` ba. Ni kuwa har daɗi na ji wai abin ya yi sauri.

Gyaran bai ɗauki minti goma ba. Na mayar da sunan `Taki.pbix`, na wallafa a wurin aiki na asali, na amince da maye gurbi, na goge tagwayen da na haifa. Kwafin ajiya kuma na kai shi wata folda da kwanan wata, inda ya kamata ya kasance tun farko.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Cikin gyare-gyaren nan na taɓa matsayan tsaro, waɗanda ke tace layukan da kowa zai gani. Matsayin da ake kira `KT` na mayar da shi `Katsina`, don ya fi daɗin karantawa. Ashe ƙa'idar tacewa ce kawai ke cikin fayil. Jerin mutanen da aka sa a kowane matsayi yana can a intanet, a shafin `Security` na rumbun bayanan. Da na sauya sunan, sai sabon matsayin ya fito babu kowa a cikinsa. Mahaɗi na nan daram, izinin buɗewa na nan, amma mutumin Katsina ya buɗe ya tarar da saƙon kuskure a madadin jadawali. Ni kuma a kwamfutata komai lafiya lau, domin tacewar ba ta aiki a kan mai matsayin `Admin`, `Member` ko `Contributor`. Mai kallo kaɗai take kamawa. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni haushi, don da idona na duba na ce an gama. Da na bi ta `Test as role` na gwada da sunansa, da na ga abin da yake gani tun kafin ya sake kira.

Akwai wani abu da maye gurbi ke yi wanda ba a cika faɗa ba. Yana ɗora bayanan da ke cikin fayil ɗinka a kan na intanet, don haka in rabonka da danna `Refresh` mako biyu ne, masu kallo za su ga alƙaluman mako biyu baya har sai sabuntawar da aka tsara ta zagayo. Duk wani gyara da abokin aiki ya yi wa rahoton kai tsaye a burauza shi ma ya tafi.

Shugabar shirin, wadda ke dubawa ta manhajar da aka haɗa wa manya, ita ce ta ƙarshe da ta ga sabon shafin. Manhajar tana riƙe da tsohon fasalin rahoto har sai an danna `Update app`, ni kuma sai ran Laraba na tuna, bayan ta aiko tana tambaya ko takin ne ya ƙare ko shafin ne bai iso ba.