Aikin dindindin, kwantaragi ko aikin yini: lissafin da ya kamata a yi kafin a sa hannu

Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, neman aiki a Nijar ya sake kama. Takunkumin CEDEAO, wanda aka ɗage a Fabrairun 2024, ya tsayar da harkoki da dama, kuma a Janairun 2025 Amurka ta dakatar da tallafin da take bai wa ƙasashen waje, abin da ya taɓa furoje-furoje masu yawa da ke ɗaukar direbobi, masu gadi da ma'aikatan jinya a jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa. A irin wannan yanayi, wanda ya samu tayin aiki yakan yi saurin karɓa. Amma akwai waɗanda tayi biyu ko uku ke zo musu a lokaci guda, kuma galibi abin da suke dubawa shi ne albashin wata kawai.

A ɗauki misalin direba a Maraɗi, mai mata da 'ya'ya uku, yana zaune gidan haya. Wani kamfanin sayar da kaya ya ce zai ɗauke shi aikin dindindin, wato CDI, a kan jika 80 a wata. Wata ƙungiya mai zaman kanta ta yi masa tayin kwantaragi na wata 9, wato CDD, a kan jika 150. A gefe guda kuma yana da abin da ya saba yi: riƙe motar wani idan direbanta bai samu fita ba, a ba shi jika 5 a yini. Alƙaluman na misali ne, amma ƙa'idojin da ke bayansu na doka ne.

Duka aikin kamfanin da na ƙungiyar suna ƙarƙashin dokar ƙwadago ta 2012. A duka biyun, dole a yi wa ma'aikaci rajista a asusun CNSS, a cire kashi 5,25 cikin ɗari na albashinsa, mai aikin kuma ya ƙara kashi 16,40 daga aljihunsa. A kan jika 80, abin da za a cire sefa 4.200 ne, saura 75.800. A kan jika 150, a cire 7.875, saura 142.125. Sai kuma harajin albashi, wanda ya fi cin mai babban albashi, don haka tazarar da ke tsakaninsu za ta ɗan ragu a kan takardar biya ta gaske.

Tambayar farko ita ce: wata nawa direban zai iya zama babu aiki bayan kwantaragin ya ƙare kafin ya fara asara? A cikin wata 9 zai karɓi kimanin sefa miliyan 1 da jika 279. Mai aikin dindindin sai ya yi kusan wata 17 kafin ya tara wannan kuɗi. Ke nan mai kwantaragi yana da sararin kusan wata 8. Idan ya samu wani aikin kafin nan, shi ke da riba. Idan ya wuce haka yana yawo da takardu, wanda ya karɓi jika 80 ya sha gabansa.

Sai dai wannan sarari na wata 8 a takarda kawai yake, sai in direban ya ci gaba da rayuwa kamar mai jika 75, yana ajiye wajen jika 66 kowane wata. A nan ne lissafin yakan rushe. Ranar da aka ji cewa wane ya shiga furoje, buƙatun dangi sukan ƙaru, a canza wa yara makaranta, a ɗauki babur bashi, wani ma ya fara maganar ƙarin aure. Ba duka ne almubazzaranci ba, domin wanda ya daɗe yana cin bashi a shago dole ya biya idan ya samu. Amma sakamakon ɗaya ne: kwantaragi ya ƙare, kuɗin kashewa ya hau, ajiya babu. Wanda ya san ba zai iya ware kuɗin tun ranar biya ba, ko ta adashi ko ta asusun da ba ya taɓawa, to babban albashin bai ba shi wata 8 ba, wataƙila wata 1 ko 2 ya ba shi.

Doka ma ba ta tanadi wani abu ba a ƙarshen CDD. Idan wa'adi ya cika, aiki ya ƙare ba tare da sanarwar sallama ko kuɗin sallama ba, sai dai kuɗin hutun da ba a ci ba. Da yake ana lissafa hutu kwana 2 da rabi ga kowane wata, wata 9 ya ba da kwana 22 da rabi, wato kimanin jika 112 a misalin nan idan bai tafi hutu ko sau ɗaya ba. Mutane da yawa suna tafiya ba su tambayi wannan kuɗi ba.

Akwai kuma wani ƙarfi da CDD yake da shi wanda ba a cika sani ba. Kafin wa'adinsa, ba a katse shi sai da yardar ɓangarorin biyu, ko babban laifi, ko wani abin da ya fi ƙarfin kowa. Mai aikin da ya kori ma'aikaci a wata na 4 ba tare da ɗaya daga cikin waɗannan ba, ana iya sa shi biyan diyya. Wannan ƙa'ida tana ɗaure ma'aikacin shi ma: idan aiki mafi kyau ya fito a tsakiya, ba zai tashi haka kawai ba. Shi ya sa ya kamata a karanta takardar da kyau, musamman inda aka rubuta cewa aikin ya dogara ne da zuwan kuɗin masu ba da tallafi. Bayan abin da ya faru a 2025, wannan layi ya fi adadin albashin muhimmanci. Kwantaragi mai ranar ƙarewa ba ya wuce shekara 2, kuma sau ɗaya ake sabunta shi. Dole ne ya kasance a rubuce, in ba haka ba doka tana ɗaukarsa a matsayin na dindindin.

Shi kuma aikin dindindin, sunansa ya fi ƙarfinsa. A ce kamfanin ya sallami direban bayan shekara 3. Yarjejeniyar ƙwadago ta bai-ɗaya ta tanadi kashi 20 cikin ɗari na albashin wata ga kowace shekara a cikin shekaru 5 na farko, wato jika 16 sau 3, jika 48. A haɗa da wata ɗaya na sanarwar sallama, jika 80, ya zama jika 128. Duk kariyar da ake magana a kai ba ta kai albashin wata 2 ba. Tana ƙaruwa ne da daɗewa, domin kason yana hawa 30 daga shekara ta 6, sannan 35 bayan shekara 10. Wanda kuma ya ajiye aikin da kansa, misali don ya koma furoje, ba ya samun kuɗin sallama, ya bar shekarun da ya tara a wurin.

Amfanin CDI na gaske a wasu wurare biyu yake. Na farko banki: mai albashin dindindin da ake zubawa a asusu yana iya samun bashin shekaru don sayen fili ko gini, alhali mai CDD ba a cika ba shi bashin da ya wuce wa'adin kwantaraginsa ba. Na biyu fansho: CNSS tana biyan mai shekara 60 da ya tara wata 180 na zubi, wato shekara 15. Watannin CDD ma suna shiga lissafi, kuma lambar mutum ɗaya ce duk inda ya koma, amma wanda ke aiki wata 9 ya zauna wata 8 zai buƙaci wajen shekara 28 kafin ya cika. Ga ɗan shekara 25 wannan ba matsala ba ce. Ga ɗan shekara 44 da bai taɓa zubi ba, aikin dindindin ne kusan hanya ɗaya da ta rage masa.

Duk wannan ya dogara da abu ɗaya: ko kamfanin yana biya. Doka ta ce albashin wata kada ya wuce kwana 8 bayan ƙarshen wata, amma masu gadi, malaman makarantu masu zaman kansu da sauran su sun san yadda ake bin bashin wata 2 ko 3. Malaman kwantaragi na gwamnati ma sun sha yajin aiki a kan jinkirin biya. Hanyar ganewa ba ta da wuya. A tambayi waɗanda ke aiki a wurin, ba mai ɗaukar aiki ba, wace rana aka biya su a watanni 3 da suka wuce. A tambaya ko ana ba da takardar albashi. Bayan an fara aiki, a je ofishin CNSS a duba ko sunan mutum yana nan kuma kuɗin na shiga, domin akwai masu cire kashi 5,25 ɗin su riƙe a aljihu, ba a gane ba sai ranar haɗari ko ranar ritaya. Idan kuma takardar da aka miƙo ta kira mutum mai ba da hidima maimakon ma'aikaci, to ba shi da hutu, ba shi da CNSS, ko da kullum yana zuwa ƙarfe 8. Ofishin sufeton ƙwadago na jiha yana duba irin waɗannan takardu, kuma gara a kai kafin a sa hannu.

Aikin yini shi ne mafi sauƙin lissafi kuma mafi yaudara. A jika 5, kwana 16 sun isa su wuce abin da mai CDI ke kaiwa gida, kuma kwana 22 sun ba da jika 110. Amma sai a ƙirga kwanakin da aka yi aiki da gaske a wata 6 da suka wuce, har da na damina da makon da zazzaɓi ya kwantar da mutum. Idan wata ɗaya kwana 22 ne, na biye kwana 9, matsakaicin ya faɗo ƙasa da kwana 16, ga shi babu hutu, babu fansho, kuma idan aka yi haɗari a hanyar Dakwaro ko Tasawa, kuɗin asibiti daga aljihunsa zai fito. Fa'idarsa ɗaya ce, ba ƙarama ba ga gidan da babu hatsi: kuɗin yau yana zuwa yau. Mai shiga aikin wata kuwa sai ya jira kwana 30 ko fiye kafin albashin farko, kuma wannan jira kaɗai yakan sa wasu su ƙi aikin da ya fi musu.

Ga direban Maraɗi, idan kamfanin na biya a kan lokaci kuma yana zuba CNSS, shekarunsa sun haura 40, ba shi da ajiya ko ta wata ɗaya, jika 80 sun fi masa. Idan matashi ne, ya taɓa tuƙa wa furoje har ana kiransa idan an buɗe sabo, kuma zai iya ware jika 60 kowane wata, kwantaragin ya fi, tare da riƙe lambar masu motocin da yake yi wa aikin yini saboda wata na 10. Idan kuwa ma'aikatan kamfanin suka ce rabonsu da albashi tun wata 2, to zaɓin ya koma tsakanin biyu ne, ba uku ba.